Me ya raba juya jirgi da tura mutum gabansa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise a Tawa. A darasin falsafa an kawo mana labarin jirgin da birkinsa ya tsinke. Da aka ce a juya shi ya kashe mutum ɗaya a tsirar da biyar, kusan duk aji ya yarda. Da aka ce a turo wani ƙato daga kan gada ya tare jirgin, kowa ya ƙi. Ni kuwa lissafi ɗaya nake gani, ɗaya a madadin biyar. Akwai bambanci na gaskiya, ko dai tsoron sa hannu ne kawai?

Amsa: Ɗiyata, zarginki yana da ƙafa, kuma an taɓa gwada shi. A 2009 Joshua Greene da abokan aikinsa sun ba mutane labarin gadar nan ta fuskoki daban-daban. Inda za a tura mutumin da hannu, kusan kashi 30 cikin 100 ne suka yarda. Da aka ce da sanda za a tura shi, babu haɗuwar jiki, adadin bai wani motsa ba. Amma da aka ce mutumin yana tsaye kan wani murfi ne, ke kuma maɓalli kawai za ki danna murfin ya buɗe ya faɗa gaban jirgin, sai masu yarda suka kai wajen kashi 60. Mutum ɗaya ne ya mutu a duk fuskokin, ta hanya ɗaya, saboda dalili ɗaya. Abin da ya sauya kawai shi ne ko ƙarfin damtsenki ne ya kai shi ƙasa. Wannan ɓangare na ƙyamar da ajinku ya ji ba hujja ba ne, domin babu mai hankalin da zai ce kisa da maɓalli ya fi kisa da hannu tsarki. To amma idan an cire hannun akwai abin da ke saura, kuma a kan wannan sauran ne masana suka kwashe shekara hamsin da ɗoriya suna ja-in-ja.

Wadda ta fara kawo labarin wata malamar falsafa ce ta Ingila, Philippa Foot, a 1967, cikin wata maƙala kan zubar da ciki. A labarinta babu mai tsayuwa gefen hanya. Direba ne a cikin taragon, birki ya tsinke, gabansa ma'aikata biyar, ga wani reshen layi mai ma'aikaci ɗaya, kuma abin da ya rage a hannunsa shi ne ya zaɓi layi. Ta jera shi da wani alƙali: gari ya hargitse, masu tarzoma sun kama mutum biyar sun ce za su kashe su idan ba a kawo wanda ya yi wani laifi ba, ba a kuwa san mai laifin ba. Alƙalin zai iya ɗora wa wani bawan Allah laifin a kashe shi, biyar su tsira. Kowa ya ce direba ya juya, kowa ya ce alƙali kada ya kuskura.

Amsar da ta bayar ita ce bambanci na farko, wato tsakanin aikata cuta da barin ta ta faru. Ta ce nauyi iri biyu ne a kanmu: nauyin kada mu cuci mutum, da nauyin mu taimake shi, kuma na farko ya fi ƙarfi nesa. Direba duk inda ya bi shi ne ya kashe, tunda shi ke tuƙi. Kashe biyar ne ko kashe ɗaya, nauyi iri ɗaya a kowane gefe, don haka sai a bi lissafi. Alƙali kuwa idan ya ƙi, ba shi ya kashe biyar ɗin ba, masu tarzoma ne suka kashe, shi ceto ne bai yi ba. Idan ya yarda, shi ya kashe ɗayan. Ba a sayen taimako da kuɗin kisa. Da wannan ma'auni ake gane abin da ya sa likita mai magani kaɗan zai iya raba shi ga majinyata biyar ya bar mutum ɗaya da ke buƙatarsa duka, amma ba zai iya yanka lafiyayye ya raba sassan jikinsa ga waɗannan biyar ɗin ba.

Wannan bayani ya zauna daram har Judith Jarvis Thomson, malama a Amurka, ta sa masa hannu a 1976, ta kuma faɗaɗa a 1985. Gyara ɗaya tak ta yi. A 1985 ta fitar da mai zaɓin daga cikin jirgi ta tsayar da shi a gefen hanya kusa da sandar sauya layi, kuma wannan fuskar ce aka kawo muku a aji. Ki duba abin da gyaran ya jawo. Mai tsayuwa gefe ba shi ke tuƙi ba. Idan ya naɗe hannu bai kashe kowa ba, ya dai bar biyar sun mutu. Idan ya ja sandar, shi ya aika jirgi kan mutumin da babu abin da ke barazana gare shi. Bisa ma'aunin Foot, matsayinsa ɗaya da na alƙali, bai kamata ya taɓa sandar ba. Amma a wani bincike da Marc Hauser da abokansa suka wallafa a 2007, wanda dubban mutane suka amsa ta intanet, kashi 85 cikin 100 sun halatta wa wanda ba direba ba ya juya jirgin, kashi 12 ne kawai suka halatta turowa daga gada. Juyawa aikatawa ce, turowa aikatawa ce. Bambancin aikatawa da ƙyalewa ba zai iya raba su ba, don duka biyun gefe ɗaya suka faɗa.

A nan ake kiran bambanci na biyu, tsakanin abin da kika nufa da abin da kika hango zai faru amma ba shi kike nema ba. Tsoho ne ƙwarai, ana danganta asalinsa ga Thomas Aquinas a ƙarni na 13, inda yake magana kan wanda ya kashe maharinsa wajen kare kai. Mutane na yawan ɓata shi, suna ɗauka magana ce kan abin da ke cikin zuciya, wai idan ba ki ji daɗin mutuwar ba to ba ki nufe ta ba. Ba haka ba ne. Mai turo ƙato daga gada ma yana iya yin kuka yana turawa. Magana ce kan tsarin dabararki: wace gaɓa ce dole ta faru kafin burinki ya cika? Duk abin da ke cikin wannan sarƙa, ko buri ne ko tsanin kaiwa ga buri, kin nufe shi. Abin da ya faɗo daga gefe kin hango shi ne kawai.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake ba ɗalibaina. Ki ɗauka cewa a daƙiƙar ƙarshe mutum ɗayan ya kuɓuta, sai ki tambayi kanki ko dabararki ta ci ko ta rushe. A labarin sanda, kin juya jirgi, ma'aikacin ya ji ƙara ya yi tsalle ya bar layi. Biyar sun tsira, shi ma ya tsira, sai hamdala. Kasancewarsa a wurin tsautsayi ne, ba ki da wata buƙata gare shi. A labarin gada, kin tura shi, ya faɗi ya mirgina gefe, jirgi ya wuce ya take biyar. Dabara ta rushe, har idan da gaske kike sai kin sake jawo shi kan layin. Jikinsa ne birkinki. Wannan shi ne abin da ya saura bayan an cire hannu, kuma yana nan ko da maɓalli aka yi aikin.

Kada ki haɗa bambance-bambancen nan biyu, domin kowanne da hanyarsa. Ana iya ƙyalewa da nufi: likitan da ya hana majinyaci maganin da zai warkar da shi, don ya mutu a sami sassan jikinsa, bai ɗaga ko allura ba, amma mutuwar ce tsaninsa, kuma laifinsa bai yi nisa da na mai wuƙa ba. Ana kuma iya aikatawa ba da nufi ba abin ya ƙi halatta. Foot ta kawo misalin asibitin da za a haɗa wata iska don ceton majinyata biyar, amma hayaƙinta mai guba zai shiga ɗakin wani majinyaci da ba a iya ɗaga shi. Ki yi masa gwajin nan: da zai tashi ya fita, komai zai tafi daidai. Ba a nufe shi ba ke nan. Duk da haka mutane da yawa suna jin bai halatta ba. Rashin nufi ba takardar izini ba ce, sharaɗi ɗaya ne cikin sharuɗɗa. Masu wannan ƙa'ida tun asali sun ƙara da cewa dole alherin ya rinjayi cutar sosai, kuma babu wata hanya mafi sauƙi.

Yanzu ga fuskar da ta fi kowace wahala, wadda idan kika fahimce ta kin fi rabin masu rubuta jarrabawar bak fahimtar batun. Thomson ce ta ƙirƙiro ta. Komai kamar labarin sanda yake, sai dai reshen da za ki juya jirgin a kansa ba ya tafiya abinsa, zagayowa yake ya sake haɗuwa da babban layi inda biyar ɗin suke. Idan reshen babu kowa, juyawa ba ta da amfani, jirgi zai yi kewaye ya dawo ya take su. Amma akwai mutum ɗaya a kai, mai nauyin da idan jirgi ya buge shi zai tsaya.

Mu bi ta daki-daki. Ta fuskar aikatawa da ƙyalewa babu sabon abu, jan sanda ne kamar da. Ta fuskar hannu babu tura kowa. Sai gwajin kuɓuta: kin ja sanda, mutumin ya yi tsalle ya bar layi, jirgi ya zagayo, biyar sun mutu. Dabara ta rushe. Ke nan kina buƙatar a buge shi, kuma a ma'aunin nufi wannan labari ɗan'uwan gada ne, bai halatta ba. Thomson ta ce ita ba ta yarda ba. Tambayarta ita ce: ta yaya ƴan mitocin ƙarfe da aka ƙara a ƙarshen reshe za su mai da halal haram? Idan juyawa ta halatta a can, ta halatta a nan, kuma idan ta halatta a nan to ƙa'idar nufi ta faɗi.

Hujja ce mai ƙarfi, amma a ganina ba ta kayar da ƙa'idar ba, saboda dalili biyu. Na farko, dukkan ƙarfinta ya dogara ne kan cewa kowa na jin juyawar ta halatta, kuma ba haka abin yake ba. A binciken nan na 2007 an ba mutane wannan labarin kewaye iri biyu. A ɗaya, jikin mutumin ne ke rage gudun jirgi har biyar su samu su tsere. A ɗayan, wani abu mai nauyi ne a kan reshen ke rage gudun, mutumin kuwa tsautsayi ne ya tsayar da shi a gaban abin. Layi ɗaya, sanda ɗaya, gawa ɗaya. Na farko kashi 56 suka halatta, na biyu kashi 72. Mutane na jin bambancin ko da babu hannu babu gada, alhali yawancinsu da aka tambaye su dalili ba su iya faɗinsa ba. Wasu bincike na baya sun kuma nuna cewa amsar da mutum ke bayarwa kan kewaye tana bin labarin da aka fara ba shi: wanda ya fara jin na sanda ya fi saurin halattawa, wanda ya fara jin na gada ya fi ja da baya. Ra'ayin da ke juyawa da jerin tambayoyi bai isa a rushe ƙa'ida da shi ba.

Dalili na biyu, maganar ƴan mitocin ƙarfe wayo ne na baki. Ƙaramin sauyi a duniya yakan sauya abin da mutum ke aikatawa ɗungurungum. Ƙarfen ba shi ne abin dubawa ba, abin da ya mai da mutumin a cikin dabararki shi ne abin dubawa. Kafin a ƙara shi, kina kawar da haɗari ne daga kan biyar. Bayan an ƙara shi, kawarwar kaɗai ba ta ceci kowa ba, bugun ne ke ceto.

Inda ƙa'idar nufi ke da rauni na gaske wani wuri ne dabam. Mai turo ƙato zai iya cewa, ni ban nufi mutuwarsa ba, na nufi jikinsa ya tsai da jirgi ne kawai, da zai tashi ya kakkaɓe riga da na fi kowa murna. Kuma a zahirin lafazi gaskiya ya faɗa. Idan aka bar kowa ya yanka niyyarsa siriri haka, babu kisan da ba zai zama na gefe ba. Mafita mafi kyau da na sani ita ce ta Warren Quinn a 1989: a daina tambayar ko mutuwar aka nufa, a tambaya ko da gangan aka sa mutumin cikin dabara, aka yi amfani da shi ta hanyar da aka san za ta cuce shi, ba da yardarsa ba. Da wannan gyara mai turowa ba shi da mafaka. Shi ya sa gwajin da na ba ki yake tambayar ko mutumin ya bar wurin, ba ko ya rayu ba.

Idan kin yi karatun zaure, ko kina da mai yi a gida, za ki ga malamanmu sun riga sun taka wannan ƙasa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo mas'alar jirgin ruwa da zai nutse sai an jefa mutum ɗaya, ya ce bai halatta ba, yawan masu tsira bai isa hujja ba. Jumhurun malamai kuma sun tafi kan cewa wanda aka tilasta ya kashe wani ko a kashe shi ba shi da izinin kashewa. A ɗaya gefen, mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta ɗauki naɗe hannu a matsayin wanke kai ba: a Muhtasar na Halil, wanda ya iya kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi, akwai lamuni a kansa. Wato ƙyalewa ta fi aikatawa sauƙi a sau da yawa, amma ba kyauta ba ce. Na kawo wannan don kwatance ne kawai, fatawa sai ki je wurin masu ita.

Mu nan jirgin ƙasa ba abin da muke gani kullum ba ne (layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso ma bai zama hanyar jigila ba), amma tsarin matsalar yana zuwa mana da damina. Ki ɗauka ruwa ya taso zai shiga unguwa mai gida hamsin, kuma idan aka fasa wata madatsa zai karkata zuwa wani kwari mai gida uku. Wannan labarin sanda ne: da gidaje ukun ba sa wurin da ma ya fi. Ki ɗauka kuma babu kwari, sai dai a rushe gidan wani a tare ruwan da ginin. Wannan labarin gada ne. Amma duba yadda rayuwa ke ɓata tsaftar labarin. Ana iya aika yaro ya ta da mutanen kwarin, ana iya neman yardar mai gida, ana iya biyan diyya, kuma babu wanda ya tabbata ruwan zai bi inda aka zata. Gida ana sake gina shi, don haka rushe shi na iya halatta inda tura mutum ba zai halatta ba. An cire duk waɗannan daga labarin jirgi da gangan, don a auna abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya ɗauki amsar jirgi ya kai ta bakin kogi ba tare da ya mayar da abubuwan da aka cire ba zai yi ɓarna.

Akwai kuma abin da ya kamata ki sani kafin ki rubuta cewa juyawa ta halatta babu gardama. Thomson da kanta ta sauya ra'ayi a 2008. Ta ƙara reshe na uku, wanda ke kawo jirgin kan shi mai riƙe da sandar. Yanzu zaɓinsa uku ne: ya bar biyar, ya juya kan baƙo, ko ya juya kan kansa. Kusan babu wanda zai zaɓi kansa, kuma ba a tilasta masa. To idan ba zai biya wannan farashi da ransa ba, da wane ikon zai sa baƙo ya biya? Daga nan ta ce ko babu reshe na uku, mai tsayuwa gefe ba shi da izinin juyawa, direba ne kawai ke da shi, wato ta koma gidan Foot bayan shekara talatin da biyu. Ni ban bi ta har can ba. Ƙin sadaukar da kai rauni ne da ake yafe wa ɗan Adam, kuma ban ga yadda wannan yafiya za ta zama dalilin da zai sa mutum biyar su mutu a labarin da babu reshe na uku a cikinsa ba. Sai dai hujjarta ta bar tabo: ta tuna mana cewa mutumin da ke kan reshe yana da ƙorafi na gaskiya, ko da ba a nufe shi ba, tunda ba a tambaye shi ba kuma da hannun wani jirgin ya same shi.

A takardar jarrabawa, ki jera fuskoki huɗu, direba, sanda, gada, kewaye, ki nuna wane bambanci ne ke raba kowace da maƙwabciyarta da inda yake karyewa. Daga nan ki ɗauki matsaya kan kewaye ki kare ta, domin a nan ne mai gyaran takarda zai gane ko kin yi tunani ko hadda kika yi.